Yadda ake lissafa hutun shekara da awa ga mai aikin fat-tayim a Birtaniya

'Yan'uwanmu da yawa da ke aiki a Ingila ba cikakken lokaci suke yi ba, wani ɗalibi ne yana haɗawa da karatu, wata tana da ƙananan yara sai ta ɗauki kwana uku a sati, wani kuma aiki biyu yake haɗawa, safe nan yamma can. To idan aka zo maganar hutun shekara sai kawai ka buɗe manhajar wurin aiki ka ga an rubuta maka wata lamba, 148.5 ko 132 ko 105.6, ba ka san daga ina ta fito ba, kuma mafi yawanmu ba ma tambaya saboda muna ganin ai kwamfuta ce ta yi, ba ta kuskure. Kwamfuta abin da aka zuba mata shi take bayarwa, kuma mutum ne ya zuba. Lissafin nan bai fi ƙarfin kalkuletar wayarka ba, minti biyar ya isa, in dai ka san lambobin da za ka nema.

Mu fara da abin da doka ta ce tunda shi ne ƙasan komai. Dokar lokutan aiki ta 1998 ta ba kusan kowane ma'aikaci hutun sati 5.6 a shekara tare da biya. Ku lura da kyau, sati aka ce, ba kwana ba. Mai zuwa aiki kwana biyar a sati, 5.6 sau 5 ya ba shi kwana 28, shi ya sa za ka ji mutane na ta cewa kwana 28 kwana 28 har wasu sun ɗauka kowa ma haka ne. A'a. Satinka shi ne abin da kake yi a sati. In awa 22.5 kake yi to satinka guda awa 22.5 ne, sati 5.6 naka kuma awa 126 ke nan. Akwai wata dokar ta 2000 da ta hana a fifita mai cikakken lokaci a kan mai fat-tayim don kawai awanninsa kaɗan ne, wato in wurin aiki ya ƙara wa masu cikakken lokaci hutu sama da na doka, kai ma kana da rabonka a wannan ƙarin daidai gwargwadon awanninka.

Me ya sa ma ake ƙirgawa da awa, ba a bar shi a kwana ba? Don kwanan mai fat-tayim sau da yawa ba tsawonsu ɗaya ba. Mu ɗauki wata 'yar'uwa da ke aiki a wani ofis, Litinin awa 9, Laraba awa 9, Juma'a awa 4.5 ta tashi da rana. Jimilla awa 22.5. In aka ce mata kina da kwana kaza, to wane kwanan? Ta ɗauki Juma'a goma ta huta awa 45, ta ɗauki Litinin goma ta huta awa 90, duk sunansu kwana goma. Ko dai a cuce ta ko ta cuci wurin aiki. Da awa kuwa ba rigima, ranar da ta ɗauka a cire abin da za ta yi a ranar. Da wannan 'yar'uwar za mu yi ta tafiya har ƙarshe.

Lambobin da za ki fara nemowa

Ɗauko takardar kwantiragi, ba abin da manaja ya faɗa da baki ba. Abu na farko awannin cikakken lokaci a wurin, don ba ɗaya ba ne ko'ina, wani wurin 35, wani 37.5, wani 40. A asibitocin gwamnati na Ingila, wato NHS, misali awa 37.5 ne. Na biyu awanninki na sati da aka rubuta, waɗanda ake biyan ki. Nan akwai tarko, in kina shiga tara na safe ki fita shida da rabi na yamma amma rabin awa na cin abinci ba a biya, to awa 9 ake ƙirgawa ba 9.5 ba. Na uku kwanakin hutun mai cikakken lokaci, kuma ki duba da kyau ko an haɗa da ranakun hutun gwamnati, waɗanda ake kira hutun banki, a ciki ko an ce ban da su. Ingila da Wales suna da ranakun hutun banki takwas a shekara, Scotland tara, Arewacin Ireland goma. Doka ba ta ce dole a ba ki waɗannan ranakun a kan sati 5.6 ba, wurin aiki yana iya cewa suna ciki, wato kwana 20 naki da za ki zaɓa da 8 na banki, 28 ta cika. Wani wurin ya fi haka alheri. NHS a Ingila tana ba sabon ma'aikaci kwana 27 ban da takwas ɗin, ya koma 29 bayan shekara biyar, 33 bayan shekara goma.

Sai ki san ranar da shekarar hutu take farawa a wurinku, wasu 1 ga Janairu wasu 1 ga Afrilu. Wannan zai yi amfani can gaba.

Ofishin 'yar'uwar tamu mu ce cikakken lokaci awa 37.5 ne a kwana biyar, hutu kwana 25 da na banki 8, shekarar hutu Janairu zuwa Disamba, kuma ofishin a rufe yake ranakun hutun banki.

Fitar da kason

Raba awanninki da na cikakken lokaci. 22.5 a raba da 37.5 ya ba da 0.6. Wannan lambar ita ce za ki ga an rubuta a takarda ko a manhaja a gaban `FTE`, a NHS kuma sau da yawa `WTE` suke rubutawa, abu ɗaya ne. Ma'anarta in an raba aikin mai cikakken lokaci gida goma kina yin shida.

Ita 0.6 ta fita tsaf ba saura, amma ba kowa ke da wannan sa'ar ba. Mai awa 20 a wannan ofishin, 20 a raba da 37.5 zai ba da 0.533333 ukun ba ta ƙarewa. Anan ne wasu ke yanke ta su rubuta 0.53, wani mai gaggawa ma ya ce ai rabi ne ya sa 0.5. Kar ka yarda a yanke kason tun a nan. Za mu ga nawa hakan yake ci nan da ɗan kaɗan.

Mayar da hutun mai cikakken lokaci zuwa awa

Kwanan mai cikakken lokaci guda awa nawa ne? 37.5 a raba da 5, awa 7.5. Kwanakinsa duka 25 da 8, kwana 33. To 33 sau 7.5 ya ba da awa 247.5. Wannan ita ce tukunyar mai cikakken lokaci a shekara. Yanzu ki ninka da kasonki: 247.5 sau 0.6, awa 148.5. Shi ke nan, hutun 'yar'uwarmu na shekara awa 148.5 ne har da rabonta na hutun banki a ciki. In kina so ki gan su daban daban, kwana 25 ɗin awa 187.5 ne sau 0.6 ya zama 112.5, na banki awa 60 ne sau 0.6 ya zama 36, a haɗa 148.5 ɗin dai.

Koma kan mai awa 20. In aka yi daidai, 247.5 sau 20 sannan a raba da 37.5, awa 132 cif. In aka yi da 0.53 za a samu 131.175, ya yi asarar kusan minti hamsin. In aka yi da 0.5 kuwa 123.75, awa takwas da kwata sun tafi, ga mai yin awa huɗu a rana kwana biyu ke nan da ɗoriya an cinye masa ba tare da ya sani ba. Shi ya sa na fi son a yi ninkawar da farko a bar rabawar a ƙarshe, kalkuleta ba ta samun damar yanke komai.

Ga mai son ya ajiye a Excel ko Google Sheets, sa awannin cikakken lokaci a `B1`, naka a `B2`, kwanakin hutu duka a `B3`:

```
=B3*(B1/5)*B2/B1
```

Hanyar gwaji, wadda a ganina ta fi komai amfani

In za ki manta duk abin da ke sama ki riƙe wannan. Mayar da hutun mai cikakken lokaci zuwa sati, sai ki ninka da awanninki. Kwana 33 a raba da 5, sati 6.6. Sati 6.6 sau 22.5, awa 148.5. Amsa ɗaya, kuma ba a ko taɓa kason ba. Dalili kuwa mai fat-tayim da mai cikakken lokaci yawan satin hutunsu ɗaya ne, tsawon satin ne ya bambanta. Don haka duk lambar da aka ba ki, raba ta da awanninki na sati, in ba ta ba da satin da abokan aikinki masu cikakken lokaci ke samu ba to akwai matsala a wani wuri. In kuma ta faɗi ƙasa da 5.6 a shekara cikakkiya to an gaza abin da doka ta wajabta ma.

Wannan gwajin shi ke kama wani kuskure da ya zama ruwan dare, wato haɗa ma'auni biyu. Ka ga wurin da ake zama ofis awa 8 a rana amma rabin awa ba a biya, wani a ofishin ma'aikata zai ɗauki 40 ya raba, 22.5 a raba da 40 ya ba shi 0.5625, sannan ya ninka da 247.5 wadda da kwanan awa 7.5 aka fitar da ita. Amsa 139.2, awa tara da wani abu sun ɓace, Litinin guda ke nan ta 'yar'uwarmu. Abin lura shi ne da ya riƙe 40 ɗin har ƙarshe, kwana 33 sau 8 ya ba da 264, sau 0.5625, da 148.5 zai samu shi ma. Ashe ba 40 ɗin ce matsalar ba, ɗaukar ta a sama a bar ta a ƙasa ne. Raba 139.2 da 22.5 za ki ga sati 6.19 maimakon 6.6, nan take kin san an yi ɓatan lissafi tun kafin ki gano inda aka yi shi.

Hutun banki, inda rigimar take

Nan zan ɗan daɗe don nan ne na fi jin mutane na ƙorafi, wani lokacin da gaskiyarsu wani lokacin kuma rashin fahimta ne. Hutun banki ba ya rabuwa daidai a ranakun sati, ya fi son Litinin. Dubi na Ingila a 2025: 1 ga Janairu Laraba, 18 ga Afrilu Juma'a, 21 ga Afrilu Litinin, 5 ga Mayu Litinin, 26 ga Mayu Litinin, 25 ga Agusta Litinin, 25 ga Disamba Alhamis, 26 ga Disamba Juma'a. Litinin huɗu, Juma'a biyu, Laraba ɗaya, Alhamis ɗaya, Talata ko ɗaya babu.

Tsarin da aka fi bi, kuma shi ne ya fi adalci, a zuba wa kowa rabonsa na hutun banki cikin tukunyarsa, sannan duk ranar da ofis ya rufe kuma ranar aikinka ce a cire awannin da za ka yi a ranar. Ba awa 7.5 na mai cikakken lokaci ba, naka na wannan ranar. 'Yar'uwarmu Litinin huɗu sau 9 awa 36, Laraba ɗaya awa 9, Juma'a biyu sau 4.5 awa 9. Kirsimeti ta faɗo Alhamis, ba ranarta ba ce, ba a cire komai. Jimilla awa 54. A cire daga 148.5, saura awa 94.5 da za ta zaɓi ranakunsu da kanta, sati 4.2 nata ke nan.

Yanzu ga abokiyar aikinta, ita ma awa 22.5 amma Talata, Laraba, Alhamis, 7.5 kowace rana. Ranaku biyu kacal suka same ta, 1 ga Janairu da 25 ga Disamba, awa 15. Saura 133.5 a hannunta, kusan sati shida. Ranar da suka buɗe manhaja tare a kicin ɗin ofis, wannan ta ga 94.5 waccan ta ga 133.5, dole mai Litinin ta ji an zalunce ta, bambancin awa 39 fa tsakanin mutum biyu masu awanni ɗaya. Amma ba a rage mata komai ba, dukkansu awa 148.5 za su huta a biya su, kalanda ce ta zaɓar wa ɗaya awa 54 ta zaɓar wa ɗayar 15. Abin da mai Litinin ta rasa zaɓi ne, kuma ni ban raina wannan ba, ga mai son tara hutu ta zo gida ganin iyaye sati huɗu da sati shida ba ɗaya ba ne. Abin da za ta iya yi, in manaja ya yarda, satin da hutu ya faɗo Litinin ta musanya ta zo Talata ta yi awa taranta, to ba za a cire mata komai ba tunda ta cika awanninta. In kuma yanzu ake tsara miki ranakun aiki kuma kina da ta cewa, to ki san wannan tun kafin ki sa hannu.

Inda zalunci yake na gaske shi ne wurin da ke cewa hutun banki sai wanda ya faɗo a ranarka, babu rabo babu tukunya. A wannan tsarin mai Litinin za ta samu 112.5 da 54, awa 166.5, mai Talata 112.5 da 15, awa 127.5. Raba 127.5 da 22.5, sati 5.67, alhali masu cikakken lokaci na da 6.6. Da kyar ta tsallake layin doka, kuma da a ce wurin kwana 20 da 8 yake bayarwa da ta faɗi ƙasa da shi sosai, don 20 ɗin awa 90 ce gare ta, a ƙara 15, 105, doka kuma ta ce 126. Wanda bai zuwa Litinin ya fi kowa buƙatar yin wannan gwajin.

Masu aikin gidajen kula da tsofaffi da asibiti nasu ya ɗan bambanta tunda ba a rufewa. In an sa ka aiki ranar hutun banki kuma ka yi, ba a cire komai daga tukunyarka, awannin na nan ka ɗauka wata rana. In ka ga an cire alhali ka yi aikin, ka yi magana a watan.

Sallah kuwa ba ta cikin hutun banki a Birtaniya, daga saurar awanninki za ta fito, don haka ki ware mata tun farkon shekara. Babbar Sallah ta 2025 a mafi yawan masallatan Ingila Juma'a aka yi, 6 ga Yuni, ga 'yar'uwarmu awa 4.5 kawai ta ci. Da Litinin ce da 9 za ta ci. Kuma tunda sai an ga wata, dabarar ita ce a nemi ranaku biyun da ake tsammani tun da wuri, a soke ɗaya in ta tabbata. Wurin aiki yana da ikon ƙin ba da ranar da aka nema in ya sanar a kan lokaci, to mai nema da wuri ya fi samu.

Ɗigo ba minti ba ne

Mai awa 16 a wannan ofishin, 6.6 sau 16, 105.6. Wannan ba awa 105 da minti shida ba ce, ba kuma minti sittin ba. Ninka abin da ke bayan ɗigo da 60: 0.6 sau 60, minti 36. Haka 0.25 minti 15 ce, 0.5 minti 30, 0.75 minti 45. Abin da ke ƙara rikita mutane wata manhajar `7.5` take rubutawa wata `7:30`, abu ɗaya ne, amma in wani ya ga 7:30 ya buga 7.3 a kalkuleta ya rage minti 12 a kowace rana.

Batun cike ragowa kuma, wurin aiki yana iya barin ta yadda take, 105.6, ko ya ɗaga ta zuwa 106, amma a hutun da doka ta wajabta ba a yarda ya sauke ta ƙasa ba. Kuma sau ɗaya ake cikewa, a can ƙarshe bayan an gama komai. Don ɗagawa zuwa rabin awa na gaba a Excel, in amsar na `B4`:

```
=CEILING(B4,0.5)
```

In an fara a tsakiyar shekara ko awanni sun canza

Mu ce 'yar'uwarmu 1 ga Yuli 2025 ta fara. Daga ranar zuwa 31 ga Disamba kwana 184 ne. 148.5 sau 184 a raba da 365, awa 74.86, a ɗaga ta zama 75. Hutun bankin da ya rage a ranakunta 25 ga Agusta awa 9 da 26 ga Disamba awa 4.5, 13.5 ke nan, saura 61.5. Wani wurin da wata suke yi, shida cikin sha biyu, su samu 74.25, bambancin bai kai awa ɗaya ba, kuma wasu suna ware hutun banki su ƙirga waɗanda suka rage a shekarar kawai. Duk wanda kwantiragi ya faɗa a bi shi, muddin dai bai sauka ƙasa da rabon sati 5.6 na wannan lokacin ba. A shekarar farko kuma wurin aiki na iya cewa hutun a hankali yake taruwa, kashi ɗaya cikin sha biyu a farkon kowane wata, to kar ki yi mamaki in an hana ki ɗaukar sati uku a watanki na biyu.

Canjin awanni shi ne wanda aka fi mantawa. A ce ta fara shekara da 22.5, daga 1 ga Afrilu yara sun shiga makaranta ta koma awa 30. Ba za a ɗauki 30 a shafa wa shekara duka ba, ba kuma za a bar ta a 22.5 ba, gida biyu za a raba. Janairu zuwa Maris kwana 90: 148.5 sau 90 a raba da 365, 36.62. Awa 30 a shekara cikakkiya 6.6 sau 30 ne, 198, sauran kwana 275: 198 sau 275 a raba da 365, 149.18. A haɗa 185.8, a ce 186. Daga nan a cire abin da ta riga ta ɗauka da awannin da aka cire a lokacin. Sati biyu bayan canjin ki buɗe manhaja ki duba, don albashi yakan canza nan da nan tunda kowa na kallonsa, hutu kuwa sai ya zauna a tsohuwar lamba har Disamba ba wanda ya kula. In awannin raguwa suka yi kuma ba a gyara ba, ke ce za ki ɗauki fiye da naki, ranar barin aiki kuma a iya cire kuɗin daga albashin ƙarshe in kwantiragi ya ba da dama.

Waɗanda wannan lissafin bai hau kansu ba

Duk abin da na faɗa na mai tsayayyun awanni ne. In kwantiraginka irin na ba a ƙayyade awa ba ne, wannan satin 8 wancan 30, to ba ka da kason da za a fitar. A Ingila, Wales da Scotland, ga shekarun hutu da suka fara daga 1 ga Afrilu 2024 zuwa sama, irin waɗannan suna tara kashi 12.07 cikin ɗari na awannin da suka yi a kowane zangon biya. Lambar daga 5.6 a raba da 46.4 ta fito, wato sati 52 ban da na hutu. Ka yi awa 80 a wata ka tara 9.66, a cike ta zama 10. Kar mai tsayayyun awanni ya ɗauki wannan, kuma in wurin ya ba da sati 6.6 to kason ma ya haura, 6.6 a raba da 45.4, kusan 14.54.

Sai kuma rufin kwana 28. Mai zuwa kwana shida a sati awa huɗu huɗu, awa 24, zai buga 5.6 sau 24 ya ga 134.4, amma doka ta tsaya a kwana 28 komai yawan ranakun zuwanka, 28 sau 4, awa 112 ne wajibi. Ga masu aiki a Najeriya lambobin daban ne gaba ɗaya, dokar ƙwadago mafi ƙarancinta kwana shida na aiki ne bayan wata 12 a jere, sauran kwantiragi ne, amma in kamfani ya ce zai raba hutu gwargwadon awa to matakan nan su ne dai.

In kin gama kin ga lambarki ba ta yi daidai da ta manhaja ba, kar ki je da cewa an cuce ni. Rubuta saƙo gajere ga manaja ko ofishin ma'aikata, ki sa lissafin layi layi: awannina 22.5, cikakken lokaci 37.5, kwana 33 sau 7.5 sau 0.6, na samu 148.5, manhaja na nuna 139.2, don Allah a nuna min yadda aka fitar da ita. Ki tambaya ko lambar da ake nunawa an riga an cire hutun banki a ciki, don sau da yawa nan bambancin yake, 94.5 da 148.5 duk daidai ne ga mutum ɗaya. Akwai kalkuletar hutu a shafin gov.uk, sai dai mafi ƙarancin doka take bayarwa, ga 'yar'uwarmu 126 za ta nuna ba 148.5 ba, kar ki ɗauka kin yi kuskure. In an ƙi gyarawa bayan kin rubuta, ki sa wakilin ƙungiyar ƙwadago a ciki in kina da ita, ko ki kira Acas, hukumar sasanta rikicin wurin aiki, shawararsu kyauta ce, kuma ki yi da wuri don wa'adin kai ƙara kotun ma'aikata gajere ne. Ki ajiye hoton allon manhajar da kwanan wata kafin a taɓa komai.